Kafin ka rubuta takardar ƙara a kan abokin aiki, shirya zama ɗaya da shi

Idan abokin aiki ya saba faɗa maka magana mai zafi, shawara iri biyu za ka ji a zango. Dattawa za su ce ka yi haƙuri, aikin gwamnati ba a samunsa da sauƙi, kada ka jawo wa kanka baƙin jini. Samari kuma za su ce ka rubuta takarda yau-yau, ka kai wa hedimasta, ka tura kwafi ofishin ilimi, a san cewa ɗan zango ba abin takawa ba ne. Ni a ganina, a yawancin lokuta akwai mataki ɗaya da ake tsallakewa tsakanin waɗannan biyu: ka zauna da mutumin, ku biyu, ka gaya masa abin da ya yi da abin da kake so ya daina. Amma fa zaman da aka shirya nake nufi. Wanda aka faɗa cikinsa da zafin zuciya, faɗa ne kawai da aka sake wa suna.

Ni malamin makaranta ne, don haka da ɗakin malamai zan yi misali. Nas a asibiti da akawu a ofis za su iya ɗaukar abin da ya dace da su.

Me ya sa nake cewa a fara da zama? Saboda takarda, da zarar ta fita daga hannunka, ba kai ke tuƙa ta ba. A makarantun hukumar ilimi ta Gana, wato GES, ƙara tana farawa ne daga hedimasta. In ta fi ƙarfinsa ta tafi wurin jami'in da ke zagaya makarantun da'ira, wanda yanzu ake kira SISO, daga nan ta hau teburin daraktan ilimi na gunduma. Za a iya ba wanda ka kai ƙara takardar tuhuma, ya ba da amsa a rubuce, a kira shaidu, a buɗe fayil. Ko daga baya kun shirya, fayil ɗin yana nan. Shi kuma mutumin da aka tuhuma ba ya ƙara tunanin ko ya cuce ka, tunaninsa ya koma yadda zai kare ƙarin girmansa. Zai ce wasa yake yi, zai nemi abokai su tsaya masa, ɗakin malamai ya rabu gida biyu. Mu kuma da muke kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar nan, kuma a makarantu da yawa a kudu Musulmi ɗaya ne ko biyu a cikin malamai, mun san yadda ake saurin mayar da kukan mutum ɗaya ya zama "rigimar 'yan zango".

Akwai dalili na biyu. Tambayar farko da hedimasta mai hankali zai yi maka ita ce, ka taɓa gaya masa? In amsarka a'a ce, sai a ce ku je ku sasanta, ka fito da kunya. In kuwa ka ce ran kaza, a wuri kaza, na gaya masa, ya ji, ya sake, to ƙararka ta tsaya da ƙafafunta. Ka ga kenan zaman ba ya raunana takarda, ƙarfi yake ƙara mata in ta zama dole.

Bari in kawo abin da na gani da idona, ba tare da kama sunan mutum ko makaranta ba. Wani ƙanena a aiki, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, aka turo shi koyar da lissafi a ƙaramar sakandare. Akwai wani malami da ya girme shi da shekara goma sha wani abu, mai barkwanci, kowa na dariyar maganarsa. Cikin mako biyar abu uku suka faru. Na farko, kuɗin adashen malamai ya ɓata na 'yan awoyi, sai mutumin ya ce a fara caje aljihun ɗan zango, aka yi dariya. Daga baya aka ga kuɗin a cikin durowa. Na biyu, ran wata Juma'a yaron ya dawo daga masallaci, sai ya ce masa a gaban malamai, wai ga mai aikin kwana huɗu da rabi, mai karɓar albashin kwana biyar. Na uku shi ne ya fi ciwo. A wurin taron safe, a gaban ɗalibai, ya kira shi da wani laƙabi na ba'a, kuma kafin a tashi makaranta yaran aji biyu sun kama sunan suna kiransa da shi a bayan idonsa.

Ya zo wurina da takarda shafi biyu, ya riga ya rubuta ta da daddare. Na karanta. Cike take da kalmomi kamar ƙiyayya, wariya, raini, amma babu kwanan wata ko ɗaya a ciki. Na ce masa ya ajiye ta, kada ya yaga, mu fara shirya zama.

Abu na farko da muka yi shi ne mayar da ciwon ya zama lissafi. Ya ɗauki littafi ya rubuta kowane abu a layinsa: rana, wuri, ainihin kalmomin da aka faɗa a harshen da aka faɗe su, da waɗanda ke wurin. Wannan aikin yana da amfani biyu. Yana nuna maka ko abin nan hali ne mai maimaituwa ko suɓutar baki ce ta rana ɗaya. Sannan yana raba abin da mutum ya yi da abin da kake zato a ransa. "Ka ce a caje aljihuna" abu ne da ya faru, mutum shida sun ji. "Ka tsani Musulmi" fassara ce, kuma ko gaskiya ce ba ka da hanyar tabbatar da ita. In ka shiga zama da fassara, zai musa, ya kawo maka sunayen abokansa Musulmi tun daga firamare, sai ku ƙare da gardama a kan zuciyarsa, alhali kai bakinsa ka zo gyarawa.

Na biyu, na tambaye shi me yake so ya fito da shi daga zaman. Ya ce yana so mutumin ya gane cewa shi mugu ne. Na ce wannan ba ya samuwa a minti goma. Ya ce to ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Na ce in ya yi, madalla, amma kada ka ɗora nasararka a kan abin da girman kan wani ne zai yanke. Muka tsaya a kan buƙata biyu da ido zai iya gani: ya daina kiransa da laƙabin nan, musamman a gaban ɗalibai, kuma ya daina saka zango ko sallarsa cikin barkwanci. Buƙata mai kyau ita ce wadda bayan wata guda za ka iya cewa an cika ta ko ba a cika ba. "Ka riƙa girmama ni" ba ta aunuwa. "Ka kira ni da sunana" tana aunuwa.

A nan ne kuma ya kamata mutum ya duba ta inda za a iya kama shi. Maganar Juma'a tana da ƙaya a ciki. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa a sashe na 21, ya kuma hana wariya saboda addini ko ƙabila a sashe na 17. Amma wannan bai ce ka bar aji ba malami ba. Na tambaye shi, fitarka ran Juma'a da sanin hedimasta ne? Akwai darasinka a lokacin? Ya nuna mini jadawali, an riga an matsar masa da darasin zuwa safe tun farkon zangon karatu, da yardar hedimasta. Shi ke nan, ƙafarsa na kan ƙasa. Da a ce akwai gyara a nan, da sai ya fara gyarawa kafin ya nemi kowa, don wanda ake wa ƙorafi ba abin da yake nema kamar inda zai ce "kai fa?".

Na uku, lokaci da wuri. Kada ka tare mutum a ranar da abin ya faru, jininka na tafasa. Kada kuma ka bari wata biyu su wuce, ya ce shi bai tuna ba. Kwana biyu zuwa mako guda ya isa. Ɗakin malamai bai dace ba, domin mai barkwanci in ya ga 'yan kallo sai ya ƙara wasa, kuma wanda aka gyara a gaban jama'a kare fuskarsa zai yi. Dandalin WhatsApp na malamai ya fi ko'ina muni, nan ne maganar mutum biyu take zama ta mutum talatin, a ɗauki hotonta a yi ta yawo da shi. Wurin da muka zaɓa shi ne benci a ƙarƙashin bishiya bayan an tashi, inda ana hango su amma ba a jin su. Wannan ya fi muhimmanci in mace ce za ta yi magana da namiji, ko namiji da mace: a bar ƙofa a buɗe, a zauna inda ido ke kaiwa, saboda addini da kuma bakin mutane. Sannan a nemi izini tukuna. Ka ce, "Masta, ina son minti goma a wurinka bayan an tashi, akwai maganar da nake so mu yi mu biyu." Wanda aka sanar da shi ya zo da kunnensa, wanda aka yi wa kwanton ɓauna ya zo da garkuwa.

Na huɗu, kalmomin buɗe baki. Waɗannan ne kawai nake ba da shawarar a haddace, domin minti na farko shi ne inda murya ke rawa. Sun yi maganar ne da Turanci haɗe da Tonanci, amma ga ma'anarta da Hausa. Ya gaishe shi yadda ake gai da na gaba, sannan ya ce: "Masta, kai babba ne a wurina a aikin nan, shi ya sa na zo wurinka kai tsaye ban je wani wuri ba. Ran Litinin a taron safe ka kira ni da sunan nan a gaban yara. Yanzu 'yan aji biyu da shi suke kirana, kuma riƙe ajin ya fara yi mini wuya. Kafin nan akwai maganar caje aljihu, da ta Juma'a. Ina roƙonka ka riƙa kirana da sunana, a kuma cire zango da sallata daga cikin wasa." Daga nan sai ya yi shiru.

Shirun nan yana cikin shiri. Yawancinmu in mun faɗi magana mai nauyi sai mu ji tsoron shirun da ke biyo baya, mu fara cika shi da "ba wai wani abu ba ne fa", "ka yi haƙuri in na ɓata maka rai". Kafin ka ankara kai ne ke ba da haƙuri. Ka faɗi taka, ka tsaya, ka bar shi ya ɗauki nauyin amsawa. Ku lura kuma da abin da ya sa a gaba: illar da abin ya yi wa aiki. Malami ko ba ya ƙaunarka ya san abin da ake nufi da aji ya raina malaminsa.

Amsoshin da za ka samu ba su da yawa, ana iya shirya musu tun daga gida. Wanda ya fi zuwa shi ne "ai wasa nake yi". Kada ka yi gardama a kan niyyarsa. Ka ce, "Na yarda wasa kake nufi, amma ga abin da ya haifar, shi ya sa nake roƙon a daina." Wani zai ce ka cika saurin fushi, kowa ana yi masa. Ka ce, "Wataƙila, amma ni dai wannan nake roƙo." Wani zai juyo da laifi kanka, ya tono wani abu da ka yi bara. Ka ce za ka saurare shi a kan wannan in kun gama wadda ta kawo ka, kuma ka cika alkawarin. In kuwa ya ɗaga murya ko ya fara zagi, ka miƙe, ka ce mu bari sai wani lokaci, ka tafi. Ba ka yi asara ba, ka samu layi na huɗu a littafinka.

Mutumin namu da "wasa nake yi" ya fara, har ya ƙara da cewa shi a kusa da zango ya tashi, wake da shinkafar Hajiya ce ta raine shi. Yaron bai biye masa ba, ya maimaita roƙonsa sau ɗaya cikin ladabi. Sai mutumin ya ce bai san yara sun ɗauki sunan ba, kuma ba zai sake ba. Bai ce a yafe masa ba. Zaman bai kai minti goma sha biyar ba.

Abu biyu ne nake gargaɗi a kansu a nan. Kada ka yi barazana. "In ba ka daina ba zan kai ka ofis" tana mayar da roƙo ya zama yaƙi, kuma tana ba shi damar ya riga ka zuwa wurin hedimasta da nasa labarin. In ya ƙi ji ƙiri-ƙiri, ya isa ka ce, "Na so mu gama ta a tsakaninmu ne." Mai hankali ya gane. Sannan kada ka kunna waya a aljihu kana ɗaukar muryarsa a ɓoye. A 2018 Kotun Ƙoli ta Gana, a shari'ar Cubagee da Asare, ta yanke cewa ɗaukar maganar waya a asirce ba da sanin mutum ba ya saɓa wa 'yancin sirri da ke sashe na 18 na tsarin mulki. Abin da kake ganin hujja ce zai iya juyewa ya zama abin da za a tuhume ka da shi. Hanya mai tsabta ita ce, da ka koma gida ka rubuta abin da aka faɗa da kwanan wata, sannan ka tura masa gajeren saƙo shi kaɗai: na gode da ka saurare ni yau, na ji daɗi da muka yarda a bar sunan nan. Saƙon godiya ne, kuma shaida ce cewa an yi zaman.

Bayan zama sai a sa wa'adi a zuci. Mu mako huɗu muka sa. Yadda za ka gane ko an dace ba shi ne ya fara yi maka fara'a ba. Sau da yawa mutum zai ɗan ja jiki, gaisuwa ta gajarta, wannan ba laifi ba ne, kunya ce ke aikinta. Abin dubawa shi ne, halin ya tsaya? A nasu, laƙabin ya mutu a bakin mutumin, bayan 'yan makonni ya mutu a bakin yara. Sau ɗaya ya fara wata ba'a a ɗakin malamai, ya kalli yaron, ya haɗiye sauran. Amma akwai alamun da ke nuna zama bai yi ba: ya daina a gabanka ya koma yi a bayanka, ko ya sake salo, ya fara hana ka labarin taro, ko ya zuga wasu su ɗauki wasan. In ka ga haka, kada ka sake zama na biyu da na uku. Ka ɗauko takardar nan, ka sake rubuta ta da ranaku da kalmomi da shaidu, shafi ɗaya, ka nemi wakilin ƙungiyarku ta malamai, GNAT ce ko NAGRAT, ya raka ka wurin hedimasta. In har ta kai ga hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, a sani cewa tana iya ƙin karɓar ƙarar da mai ita ya zauna a kanta fiye da wata goma sha biyu. Haƙurin da ba shi da wa'adi yana iya cinye maka haƙƙi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi: don me wanda aka cuta ne zai ɗauki wahalar shiri, ya zaɓi kalmomi, ya lallaɓa wanda ya cuce shi? Gaskiya ne, ba adalci ba ne. Shi ya sa nake cewa zaman nan zaɓi ne, ba wajibi ba, kuma duk hedimastan da ya ƙi karɓar ƙara don kawai ba a zauna ba ya gaza a aikinsa. Akwai ma wuraren da nake hana zaman gaba ɗaya. In abin ya shafi neman lalata, taɓa jiki, ko saƙonnin batsa, kada 'yar'uwa ta keɓe da mutumin da sunan sulhu, ta adana saƙonnin ta kai ƙara kai tsaye. Haka in akwai barazanar duka. Haka in ɗalibi ne ake cuta, domin wannan ba haƙƙinka ba ne balle ka yafe. In kuma mai yin abin shi ne ke sa hannu a takardar auna aikinka, to kada ka je kai kaɗai, ka tafi da wakilin ƙungiya ko wani babban malami da kowa ke jin nauyinsa.

Ga masu jin cewa kai ƙara ya saɓa wa haƙurin Musulmi, su koma ga malamai. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ta kuma hana cin naman mutum a bayansa. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ambaton laifin mutum ya halatta, na farkonsu shi ne wanda aka zalunta ya kai kukansa ga mai ikon yi masa maganin abin. Ka ga kai ƙara ga shugaba halal ne. Abin da ba shi da madafa shi ne wanda muka fi yi: mu yi shiru a gaban mutumin, mu yi masa murmushi, sannan mu kwashe wata shida muna yaga shi a majalisa da wurin mai shayi. Wannan ba haƙuri ba ne, kuma bai taɓa sa wani ya daina komai ba.

Don haka in kana da irin wannan a wurin aikinka, yau da daddare ka ɗauki biro. Rubuta abu uku na ƙarshe da suka faru da ranakunsu, rubuta buƙata ɗaya da za a iya aunawa, rubuta jimloli huɗu da za ka buɗe baki da su, ka karanta wa wani wanda ka amince da shi ya gaya maka inda zafi ya yi yawa. Sannan ka sa ranar zama, ka sa ranar da wa'adi zai cika. Allah ya ba mu abokan aiki masu jin magana, ya kuma ba mu bakin faɗarta.